Takardar Koke Zuwa Ga Mai Girma Hakimi Kan Matsayin Sabuwar Unguwarmu Da Yawan Mutanenta

Daga: Dattawa da magidantan sabuwar unguwa, yankin Kumbotso, Kano
Ta hannun: Mai Girma Dagaci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka, ya ƙara wa Sarki lafiya. Bayan gaisuwa da biyayya, mu talakawanka da muka sayi filaye muka yi gini a wannan yanki muna kawo kukanmu gabanka kan jawabin da wani jami'in ƙaramar hukuma ya yi mana ranar Asabar da ta wuce, a ƙofar masallacinmu bayan sallar la'asar. Mun gode da aiko shi da aka yi, kuma ba ƙararsa muka kawo ba. Ya faɗi abin da ke rubuce a takardarsa, ya faɗe shi daidai. Damuwarmu ita ce babu mu a cikin takardar.

Jawabin gajere ne. Ya ce jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484, kuma 8 daga ciki ne suka haɗu suka zama birnin Kano: Birni da Kewaye, Dala, Gwale, Fagge, Nasarawa, Tarauni, Ungogo da Kumbotso. Ya ce mu a Kumbotso muke, wadda ke da mazaɓu 11, ya jero su: Chalawa, Chiranchi, Ɗanbare, Ɗanmaliki, Guringawa, Kumbotso, Kureken Sani, Mariri, Na'ibawa, Panshekara da Unguwar Rimi. Sannan ya ce a ƙidayar 2006 an samu mutum miliyan 9.4 a jihar, Kumbotso kuma tana da wajen dubu 295. Da wani dattijo ya tashi ya ce, "To Malam, mu a wace mazaɓa muke, kuma mu nawa ne a lissafinku?" sai jami'in ya ce filinmu ya faɗo tsakanin mazaɓu biyu, sai ya koma ofis ya duba taswira. Batun yawanmu kuwa ya ce yana cikin ƙiyasin da ake yi wa ƙaramar hukuma gaba ɗaya.

A kan wannan ƙiyasi muke roƙon ka ba mu aron kunnenka, domin nan ne gizo ke saƙar.

Tun Maris na 2006 ba a sake ƙidaya a Najeriya ba. An shirya yin wata a 2023, aka ɗage ta. Saboda haka duk adadin da ake ambata a yau lissafi ne aka yi a kan tebur: a ɗauki yawan mutanen 2006, a riƙa ƙara musu kashi 3 da ɗan ɗoriya cikin ɗari kowace shekara. A wannan tafiya jama'a na ninkawa cikin shekara 22 ko kusa da haka, wato mutum dubu 295 na Kumbotso za su kusa dubu 590 wajen 2028. Lissafin yana da amfani ga wanda ke tsara kasafin jiha. Amma yana ɗauka cewa kowane wuri yana girma da sauri iri ɗaya, kuma kowa a Kano ya san ba haka ba ne. Unguwa irin Mandawari ko Diso ta riga ta cika, babu filin da za a ƙara gida, yaron da ya yi aure sai ya fita bayan gari. Mu ne waɗannan yaran. Akasarinmu daga cikin birni muka taso, wasu daga Kurna da Fagge, wasu daga ƙauyuka. A 2006 inda gidajenmu suke gonakin dawa ne da gero, babu wanda malamin ƙidaya zai rubuta. Idan ka ninka babu, ko sau nawa ne, babu za ka samu. Rabonmu na ƙiyasin yana can an lissafa shi a unguwannin da muka baro.

Wani zai ce to mene ne, ai lamba ce kawai. Da lambar ake aiko kaya. Ma'aikatan lafiya idan za su fita rigakafi suna ɗaukar yawan mutanen wuri, su ware kashi 20 cikin ɗari a matsayin yara 'yan ƙasa da shekara 5, kashi 4 kuma jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya. Da wannan suke yanke yawan maganin da za a ɗauko da yawan ma'aikatan da za a tura. Gidan sauro ma haka ne, ɗaya ga mutum biyu ake lissafawa. Wurin da ba ya cikin jerin unguwannin mazaɓa ba a ware masa komai, sai dai abin da ya rage. Mun ga haka da idonmu a fitar da aka yi ta ƙarshe: masu ɗigon rigakafi sun iso layinmu na farko da rana tsaka, maganinsu ya ƙare, layukan baya ba su ga kowa ba. Ba mu zarge su ba, abin da aka ba su suka kawo.

Don kada mu zo maka da baki kawai, mun sa matasanmu tare da limamai biyu sun bi gida-gida. Sun samu gidaje 340 da ake kwana a cikinsu, da mutum 2,700. Idan aka bi lissafin ma'aikatan lafiya, muna da yara 540 'yan ƙasa da shekara 5, jarirai 108, kuma gidan sauro 1,350 ya kamace mu. Wannan ya isa a buɗe mana wurin awo da rigakafi ko sau ɗaya a mako, ya kuma isa a fara maganar firamare, domin yaranmu yanzu sai sun tsallaka babban titi kafin su kai makaranta mafi kusa.

Sai dai mun san adadin namu ya gaza gaskiya, kuma mun san dalili. Da farko matasan ƙofa suke ƙirgawa, alhali ƙofa ɗaya a gidan haya tana iya ɓoye tukunya huɗu ko biyar. Sai daga baya aka koma tambayar tukunya nawa ake ɗorawa a gidan. Akwai kangwaye da masu gadi ke zaune a ciki da iyalansu, wasu an shiga, wasu an wuce su. Akwai makarantun allo biyu da ba a ƙirga almajiransu ba, don malaman sun ce sai sun ji daga bakin Dagaci. Sannan akwai magidantan da suka ƙi faɗin yawan iyalinsu. Wasu ba sa son a ƙirga musu 'ya'ya, wasu kuma, musamman tsofaffi, suna tuna zamanin da rubuta suna a littafin mai unguwa yana nufin haraji. Marigayi Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali tun 1979, amma tsoron bai bi su ya tafi ba. Mutumin da ya rufe wa ɗan maƙwabcinsa ƙofa ba zai rufe wa wakilin Hakimi ba, shi ya sa muke ganin aikin nan naku ne, ba namu ba.

Abu na biyu shi ne iyaka, kuma jawabin bai taɓa ɓangaren sarauta ba ko kaɗan. Ranka ya daɗe ka fi mu sanin cewa tsani biyu ne: akwai na kansila da shugaban ƙaramar hukuma, akwai na mai unguwa da dagaci da hakimi har zuwa Sarki, kuma iyakokinsu ba koyaushe suke dacewa ba. Talaka kuwa na biyun ya fi buƙata a rayuwarsa ta kullum. Cinikin fili sai da shaidar mai unguwa, takardar shaidar zama sai da sa hannunsa, rikicin maƙwabta a gabansa ake fara kashe shi, baƙon da ya kama haya shi ake kai wa ya san da zamansa. Mu yanzu masu unguwa biyu ne kowanne ke ganin gonakin da muka gina a ƙasarsa suke. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta nemi takardar shaida don ɗanta ya cike fom ɗin makaranta, wannan ya tura ta wajen wancan, wancan ya maido ta, har lokacin ya wuce. Akwai kuma fili ɗaya da aka sayar wa mutum biyu, kowa da takardarsa mai hatimi daban. Ana nan ana sulhu, amma irin wannan idan ya yawaita kotu zai kai mu.

Batun zaɓe ma yana rataye da iyakar. Katin zaɓen yawancinmu na tsofaffin unguwanninmu ne, ranar zaɓe kuma ba a zirga-zirga da abin hawa, don haka da yawa ba sa jefa ƙuri'a. Hukumar zaɓe tana ba da damar sauya wurin zaɓe lokacin da ake rajista, amma sai mutum ya faɗi mazaɓa da rumfar da yake son a mayar da shi. Wanda bai san mazaɓarsa ba me zai rubuta? Kansila kuma, a faɗi gaskiya, ba ya wahalar da kansa kan unguwar da ba ta da ƙuri'a a akwatinsa.

Saboda haka muna roƙon Mai Girma Hakimi ya kira Dagaci da masu unguwannin biyu, a zo a taka ƙasar tare da dattawan da suka san gonakin tun asali, a tsayar da iyaka, a rubuta, a ba mu kwafi. Idan an ga yawanmu ya kai a naɗa mana mai unguwa na kanmu, muna maraba, amma wannan shawara taka ce. Muna kuma roƙon a sake ƙirgar gidajen da umarninka, a haɗa da wakilin sashen lafiya na ƙaramar hukuma da mata biyu ko uku da za su iya shiga cikin gida, a ƙirga duk wanda ke kwana a unguwar har da almajirai da masu gadi. Idan an gama, a aika sunan unguwar da adadin zuwa ƙaramar hukuma da ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, domin gidaje da yawa a nan an gina su ne bayan aikin shata yankunan ƙidaya da aka yi gabanin 2023, kuma muna gudun ranar ƙidaya ta zo a sake tsallake mu. Daga ƙarshe muna roƙon ka sa baki jami'in nan ya dawo da taswirar da ya ambata, ya faɗa mana sunan mazaɓarmu da rumfar zaɓe mafi kusa a gaban jama'a.

Mun haɗo da littafin da matasanmu suka yi ƙirgar a ciki, layi-layi, da zanen unguwar da wani magini cikinmu ya yi da hannu. Duk ranar da aka sa, za mu tanadi masu rakiya da ruwan sha ga waɗanda za a turo.

Allah ya ƙara girma, ya ja kwana.

Naka masu biyayya,
Shugaban kwamitin unguwa
Limamin masallacin unguwa
Wakiliyar mata
Wakilin matasa
a madadin magidantan da suka sa hannu a takardar da ke biye.