Sani, maganar WhatsApp ɗin Baba

Assalamu alaikum Sani, ya gida ya su Inna, ya ƙafar Baba? Ni nan Jidda lafiya lau, aiki sai godiya, zafi ne kawai kuma an saba.

Jiya da daddare saƙo ya shigo min daga lambar Baba wai in turo dubu tamanin an kwantar da Inna a asibiti, wallahi sai da gabana ya faɗi. Amma da na duba akawun ɗin sunan wani ne daban, kuma yaushe Baba ya fara rubutu, shi da sai dai ya danna ya yi magana? Na kira sau uku ana katsewa. Da na samu Inna a layinta ta ce lafiyarta ƙalau, wai wani ne ya kira Baba shekaranjiya ya ce daga ƙungiyar 'yan kasuwa yake za a yi taro, Baba ya karanto masa lambobi shida da suka shigo wayarsa, tun daga nan WhatsApp ɗin ya fitar da shi. To an ƙwace ne.

Yau ɗin nan ka je, kar ka ce gobe. Ka fara duba layin, ka kira shi ka tura masa tes ka ga yana shiga, in babu sabis sam to layin ma sun ɗauke, ku tafi ofishin kamfanin da NIN ɗinsa a dawo da shi, ku biya banki a rufe akawun ɗin Baba. In layin na nan ka danna ##002# ya soke duk wata karkatar da kira.

Sai ka buɗe WhatsApp ka sa lambarsa, sabbin lambobi shida za su shigo ta tes, kana sa su ɓarawon ya fita. In ya tambayi PIN ɗin da ba ku sani ba su suka sa, kwana 7 za a jira, kar ka biya kowa wai zai buɗe, ai ɓarawon ya riga ya fita. Da ka shiga ka je Linked devices ka fitar da duk abin da ka gani, sannan Two-step verification ka sa PIN da imel ɗinka. Ni na saya masa wayar nan ban sa ba, abin yana cina.

Ka kira su Kawu da Yaya Hajara da baki, yanzu ma kafin ka fita, kar wanda ya tura ko sisi, wanda ya riga ya tura ya kira bankinsa maza. Kar kowa ya tura ko sisi Sani.

Kuɗin wata suna hannuna, sai na ga fuskar Baba a bidiyo zan turo. Kuma kar wanda ya yi masa faɗa, ka ce ina gaishe shi.

Yayanka