Wasiƙa Zuwa ga Malam Sani a Kan Tsakuren Maƙalarsa

Zariya, ranar Lahadi

Assalamu alaikum Malam Sani,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali, da kuma zafin Yamai. Maƙalarka a kan Magana Jari Ce ta iso, na karanta ta har ƙarshe. Aikin ya yi kyau, amma tsakuren da ka ɗora a kanta, wato taƙaitaccen bayanin nan na farkon maƙala, ya rage mata daraja, shi ya sa na ce bari in rubuto kafin ka aika wa mujallar.

Ga abin da ka rubuta a taƙaice: "Wannan maƙala ta yi nazarin tushen labaran Magana Jari Ce. An bi hanyar karance-karance da kwatance. Binciken ya gano cewa Abubakar Imam ya aro labarai daga Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turawa." To Malam, wa zai yi maka musu a nan? Tun da littafin ya fito a 1937 aka san an yi aron. Awon da nake yi wa kowane tsakure ke nan: in samu jimla ɗaya da wani masani mai hankali zai iya cewa "ban yarda ba". In babu ita, rahoto aka rubuta. Tsarin manufa, hanya, sakamako ya dace da mai gwajin taki a gona, domin shi abin da ya auna shi ne labarin. Mu a adabi kowa na iya buɗe littafin ya ga abin da ka gani. Abin da kake kawowa shi ne yadda za a fahimce shi.

Kuma kana da wannan jimlar, sai dai ka binne ta can wajen kammalawa, inda ka ce Imam bai yi fassara irin ta ofis ba, ya bi salon malamin zaure ne, wanda ke karanta Larabci yana juya shi da Hausa, yana ƙari da ragi gwargwadon masu sauraro. Wannan ita ce hujjarka. Ɗauko ta ka kawo gaba.

Da ni ne, zan fara da ra'ayin da kake ja da shi, in bi shi da naka, kamar haka: "An saba ɗaukar aron da ke cikin Magana Jari Ce a matsayin kwaikwayon da Hukumar Talifi ta Zariya ta ɗora wa marubutan farko. Wannan maƙala tana jayayya da haka. Tana nuna cewa Imam ya sarrafa labaran ne da dabarar tarjamar zaure, wadda ta girmi boko." Daga nan sai jimla ɗaya ko biyu a kan shaidarka: labaran da ka jera da asalinsu, da abin da ya canza a sunaye, da sarautu, da ƙarshen labari. Ka ga binciken bai ɓace ba, ya koma mai yi wa hujja hidima.

Sai abin da ya fi wuya, wato me zai canza in an yarda da kai. Ban ce ka rubuta "wannan zai amfani ɗalibai da manazarta" ba. Kowace maƙala a duniya za ta iya faɗin haka. Faɗi abin da zai rushe. In kana da gaskiya, wanda ya fara tarihin ƙagaggen labarin Hausa daga gasar rubuta littattafai ta 1933 ya bar rabin labarin a zaure. Haka kuma masu zargin marubutan soyayya na Kano da aro daga finafinan Indiya sai sun bayyana dalilin da aro ya zama gwaninta a wurin Imam, ya zama aibi a wurin waɗannan. Zaɓi ɗaya cikin biyun. Ni na fi son na farko, domin na biyun ba ka taɓo shi a cikin maƙalar ba, kuma mai tantancewa zai nemi shafin da ka cika alkawarin.

Ka kiyaye da zuzutawa ma. Littafi ɗaya ka nazarta, kada ka ce "dukkan adabin Hausa". In editan ya dage sai an ambaci hanyar bincike, ba shi rabin jimla a tsakiya. A yawancin mujallu tsakure ba ya wuce kalma 150 zuwa 250, saboda haka share tarihin rayuwar Imam gaba ɗaya. Mai karanta mujallar ya san shi.

In ka gyara, turo mini tare da gabatarwar, don ina zargin ita ma tana buƙatar irin wannan juyin. A gaida Hajiya da yara. Mutanen sashe suna gaisuwa.

Naka,
Bala