Bim ɗin falonka ba na rushewa ba ne

Assalamu alaikum Alhaji,

Ya ruwan Fatakwal, ya iyali? Saƙonninka na tsakar dare kan tsagar da ta fito a bim ɗin falonka sun iso, har da wanda ka ce a kwashe yara a kai su gidan Hajiya. Kwantar da hankalinka, na je gidan naka.

Na sa an kankare filasta na ga tsagar da idona. Tana ƙasan bim ɗin, a tsakiya, ta miƙe sama tsaye, faɗinta milimita 0.4. Ta ɗan wuce 0.3 da muke yi wa uzuri, amma irin wannan tsagar lanƙwasa ce: kaya sun yi wa bim yawa, ƙasansa ya ja, kankare kuwa ba ya jure ja, rodi ne ke riƙewa. Da a ce ta kwanta a karkace kusa da fila, da ni da kaina zan kwashe yaran, don wannan ba ta ba da sanarwa. Na ƙwanƙwasa da guduma, kankaren bai yi ƙarar holoƙo ba, rodin ma babu tsatsa.

Mai laifin na sama. Wa ya ba ka shawarar ɗora tankuna biyu masu lita 2,000 a kan dakin, wato rufin kankaren falon? Tan huɗu ke nan a kan bim mai tsawon mita biyar! Kai da ko a makaranta ba ka yarda ka ɗauki bokiti ɗaya ba.

Maginin da ya ce a fasa a sake, aiki yake nema. Bim da dakin tare aka zuba su, rodinsu a sarƙe yake. In ka fasa shi sai ka yanke rodin dakin, girgiza ta taɓa filoli, sabon kankaren kuma ba zai kama tsohon kamar zubin farko ba. Ka biya kuɗi ninki ka samu abin da bai kai na yanzu ba.

Za mu sauke tankunan, mu tokare dakin da turakun ƙarfe, mu ɗura gam na musamman cikin tsagar. Sannan a sassaƙe jikin bim, a ƙara rodi uku masu milimita 16 a ƙasa, a ɗaure da ringi da aka kafa cikin tsohon kankare, a yi masa rigar kankare mai kaurin milimita 75. Sati guda ana ba shi ruwa, turakun kuma ba mai taɓa su sai ya kwana 28. Falon zai ɗan rage tsayi a wurin, fankar nan sai ta matsa.

Af, ka ji mutuminka na kwanar masallaci zai ƙara ta uku? Uwargida ta ce in tambaye ka ko kai ne waliyyi.

Tankunan dai a yi musu hasumiyar ƙarfe a bayan gida. Turo kuɗin turaku kafin Juma'a, kuma kada ka bari kowa ya shafe tsagar da siminti kafin in dawo.

Naka,
Injiniya