Kar ki tura saƙon nan haka, ki gyara shi tukuna

Assalamu alaikum Uwata, ya karatu. Na ga saƙon da kike shirin tura wa mutumin da dubu 85 ɗinki suka faɗa akawun ɗinsa, wai "malam ka dawo min da kuɗina yanzu ko na haɗa ka da 'yan sanda". Haba Uwata, ba sallama ba komai, mutumin da bai roƙe ki ba, ke kika zaɓi bankin da ba shi ba kuma ba ki tsaya kin duba sunan da ya fito ba.

Ki sa kanki a matsayinsa, irin wannan saƙon 'yan damfara ke turowa kullum, su turo alat na bogi sannan su kira suna kuka wai kuskure ne a mayar musu ta wani akawun daban, to duk mai hankali in ya ga naki bulokin ɗinki zai yi ya huta. Saboda haka ki ba shi abin da zai tabbatar da kansa ba sai ya yarda da bakinki ba. Rubuta masa haka:

"Assalamu alaikum malam, don Allah ka yi haƙuri da damuwa. Ranar Talata da ƙarfe 4:12 na yamma na tura ₦85,000 akawun ɗinka bisa kuskure, lambarka na samu saboda ita ce lambar akawun ɗin. Ga rasit ɗin, akwai sunana da Session ID a jiki. Kar ka dogara da alat, ka buɗe manhajar bankinka ka duba shigowar kuɗin da kanka. In ka gani ka taimaka ka mayar ta akawun ɗin da suka fito, ka cire cajin tura kuɗin a ciki. In ka fi natsuwa a bi ta banki ba matsala, na riga na kai rahoto nawa. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Maganar mayarwa ta akawun ɗin da suka fito ɗin nan ita ce za ta raba ki da ɗan damfara, kar ki ce ya tura wa ƙawarki ko mai POS ko da ya fi miki sauƙi. Rasit kawai za ki haɗa, ban da BVN, ban da hoton da ke nuna ragowar kuɗinki.

Rahoton kuwa ki kai shi bankinki yau ɗin nan kafin ki tura saƙon don kar ki yi masa ƙarya, ki ba su Session ID su tuntuɓi bankinsa. Amma ki sani banki ba ya cire kuɗi a akawun ɗin mutum haka kawai, sai da yardarsa ko umarnin kotu, kotu kuma da lauya da zirga-zirga na iya cinye rabin kuɗin, shi ya sa nake ta cewa ki lallaɓa shi. In kwana biyu shiru ki tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, sauran ki bar wa banki.

Ki turo min abin da ya amsa. Mamanki na gaishe ki.

Babanki