Tsayawar da na sa a tsakiyar ɗango tana ɓacewa in na rera

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran masu sauraron wannan fili. Ni ɗalibarka ce ta nesa, daga bakinka na koyi auna waƙa da ƙirga gaɓoɓi. Yau wata damuwa ce ta kawo ni, wadda ta hana ni kammala waƙar da ta fi kowace tsaya mini a rai.

Mahaifina ya rasu bara, Allah ya jiƙansa. Na yi wata bakwai ban iya ɗora alƙalami a takarda ba, sai daga baya marsiyya ta fara zuwa da kanta. Ƙwar biyu ce, baiti 24, a karin Mutaƙarab, wato gaɓa marar nauyi ɗaya sai masu nauyi biyu a kowace ƙafa, ƙafar ƙarshe kuma gajera ce, don haka kowane ɗango gaɓa 11 ne. Baitin da ya tsaya mini a wuya shi ne wannan:

Ina sallama, babu mai jin kira,
Kujerarsa na nan a ƙofa. Shiru.

Karin bai karye ba, na auna shi ya fi a ƙirga. Abin da nake nema shi ne ɗan shirun nan da ke faɗowa a cikin ɗango kafin ya ƙare, wurin da mai karatu ke yanke magana, mai sauraro kuma ya riƙe numfashi bai sani ba. Ranar da na koma gidan haka ta faru da ni. Na ga kujerar, bakina ya buɗe zan gaishe shi, sai maganar ta maƙale. Wannan maƙalewar nake so ta shiga waƙar, ba labarinta ba.

A ɗango na farko tsayawar tana aiki yadda nake so. Tana zuwa bayan “sallama”, gaɓa ta biyar. Da na yanka ɗangon ƙafa-ƙafa sai na ga dalili: i-na-sal, la-ma-ba, bu-mai-jin, ki-ra. Ashe tsayawar ta faɗo ne a cikin ƙafa ta biyu, saura gaɓa ɗaya ta cika. Kunne ya riga ya saba da tafiyar karin, yana jiran wannan gaɓa kamar mai jiran ƙafa ta sauka a mataki, don haka ko na yi shiru ba wanda zai zaci na gama. Mai sallama yana jiran amsa, kunne yana jiran gaɓa, jiran biyu suka haɗu wuri guda. Wallahi ban shirya hakan ba, sai bayan na rubuta na gane.

Matsalar tana ɗango na biyu. Can tsayawar tana bayan “ƙofa”, gaɓa ta tara, daidai inda ƙafa ta uku ta cika: ku-je-rar, sa-na-nan, a-ƙo-fa, shi-ru. Magana ta cika, ƙafa ta cika, babu sauran abin da kunne ke bi bashi. Da na karanta wa ƙanwata na tsaya a nan, sai ta ɗago kai ta ce, “Yaya, kamar ɗangon nan bai kai sauran tsawo ba.” Ta zaci ya ƙare. Kafin in furta “shiru” hankalinta ya riga ya tafi ga gyara, kalmar da na ɗora dukan baitin a kanta ta faɗi a banza.

Sai na gwada rerawa ba tare da na tsaya sosai ba, na ɗauki muryata a waya na saurara. Nan kuma wata ta ɓullo. Wasalin ƙarshen “ƙofa” dogo ne, murya kuwa in ta samu dogon wasali sai ta ja shi. Na ji kaina ina jan “fa” har ya zarce ya manne da “shiru”, kamar cewa nake kujerar ce ke zaune shiru a ƙofa. Ma'anar ma ta sauya. Ni kuwa shirun gidan nake nufi, wanda ya tare ni bayan na ga kujerar.

Wannan ya sa na lura da wani abu da nake so ka tabbatar mini ko ka gyara mini. In kalma ta ƙare da gajeren wasali aka tsaya a kanta, maƙogwaro yakan rufe, sautin ya yanke ƙat. In dogon wasali ne sai ya sulale a hankali. Na gwada tsayawa bayan “kujerarsa”, gaɓa ta huɗu, inda “sa” gajere ne, sai na ji muryar ta datse kamar ta wanda kuka ya shaƙe. Ya yi kyau ƙwarai, har hawaye ya zo mini. Amma abin da ya bayar daban ne: mutum ne da ya kasa ci gaba da magana, alhali ni girgizar da ke zuwa a ƙarshe nake so, bayan mai sauraro ya saki jiki yana ganin komai na nan yadda aka bar shi.

Wata ƙawata mai rubutu ta ce in juya ɗangon ya zama “Shiru. Ga kujerarsa nan, ba uba.” Ya hau karin daidai, tsayawar farko kuma ta koma cikin ƙafa, bayan gaɓa ta biyu. Na yi kwana uku ina juya shi a baki, zuciyata ta ƙi. Ya faɗi komai tun daga farko, sa'annan “ba uba” ya zo yana bayyana abin da shirun ya isa ya faɗa shi kaɗai. Ga amsa-amon waƙar kuma da zai rushe.

Akwai wani kuskure da na riga na kama da kaina. A rubutun farko, ɗango 17 suna da tsayawa a gaɓa ta biyar ɗin nan, domin na ji daɗinta na yi ta maimaitawa. Zuwa baiti na shida ta daina taɓa kowa, ta zama wurin shan iska kawai. Na taɓa karanta cewa a tsohuwar waƙar Faransanci mai gaɓa 12 ƙa'ida ce a tsaya bayan ta shida, kuma na fahimci irin wannan tsayawa da kowa ya san wurinta ginshiƙi ce ta kari, ba ta firgita mai sauraro. Na rage nawa zuwa biyar a dukan waƙar.

To Malam, ga abin da nake roƙo. Shin tsayawar da ta faɗo a iyakar ƙafa za ta iya riƙe numfashin mutane, ko dole sai na sake gina ɗangon ta koma cikin ƙafa? In za ta iya, tsawon me zan ba ta? Na gwada shiru na tsawon gaɓa mai nauyi ɗaya ina buga yatsa a gwiwa, bai isa ba. Na gwada na ƙafa guda cur, sai ya zama ɗangon ya rabe biyu. Ko kuwa asirin yana ga murya ne, in bar ta a sama a kan “ƙofa” kada in sauke, don a san da sauran magana? Sai kuma rubutu: aya na sa, amma duk wanda na miƙa wa takardar yakan sauke murya a kanta kamar ƙarshen jimla. Waƙafi ya yi rauni, ɗigo uku kuma yana sa a ja wasalin, abin da nake gudu ke nan.

Nan da mako uku zan karanta ta a gaban 'yan'uwana, mahaifiyarmu na zaune. In da hali, ina roƙon ka rera baitin nan da bakinka a shirin mako mai zuwa, ko sau biyu ne, in ji inda kake ɗauke numfashi.

Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri.

Ɗalibarka mai saurare kullum