Anti, sunan "Gawayi" ya sa 'yata ta fara bilicin

Assalamu alaikum Anti, da fatan kina lafiya, ya aiki ya iyali. Don Allah a sakaya sunana.

'Yata ce shekararta 13, tana aji biyu na ƙaramar sakandare, baƙa ce sosai irin dangin babanta. A gida kakarta Duna take ce mata kuma bata taɓa damuwa ba, dariya ma take. Amma a makaranta Gawayi suke kiranta, kuma abin takaici wai malami ne ya fara, ranar yana kiran suna a rajista ya ce ke Gawayi miƙe mu ganki, aji ya kwashe da dariya, shikenan suna ya bi ta har Islamiyya saboda yaran unguwa ɗaya ne.

Ni ban gane da wuri ba sai da ta fara ciwon ciki duk safiyar Litinin, ran Asabar kuma garau. Ta daina ɗaga hannu a aji, hijabi kullum ta jawo shi har kan gira, in ana hoto ta gudu. Sai watan jiya na ga fuskarta ta yi wani ja-ja da ƙananan ƙuraje, gaɓoɓin yatsunta kuma sun fi sauran hannun baƙi. Na zazzage jakarta na samu wani mai a kwalba ba suna ba komai, ashe kuɗin tara take tarawa bata cin komai a makaranta, wata 'yar ajinsu ke sayo mata haɗin.

Na je na samu malamin ajinsu, ya fito da yara uku a asambule ya zane su ya kuma faɗi dalili a gaban kowa, wallahi Anti gara ma da bai yi ba. Wanda bai san sunan ba ma ya ji, yanzu Gawayin Mama suke cewa a hankali in malami ya juya baya. Shi kuwa wanda ya ƙirƙiro sunan ko kallonsa ba'a yi ba. Babanta cewa yake wasan yara ne, shi ma Dogo ake ce masa har yau me ya same shi. Na ce Dogo ai ba zagi bane.

To Anti in kai ƙarar malamin wajen firinsifal ne, ko zai ɗaura mata karan tsana ya kayar da ita a jarabawa? Ko in bari sai taron iyaye da malamai in yi maganar ba tare da kama suna ba? Canjin makaranta ma na yi tunani amma kuɗin ba wasa ba, kuma yaran Islamiyya suna nan.

Sai maganar man nan, na ƙwace, amma tunda ta daina fuskar ke mata ƙaiƙayi da zafi in ta shiga rana, tana kuka wai zata fi da baƙi. Asibiti zan kaita wajen likitan fata ko zai wuce da kansa? Kuma me zan ce mata, don in na ce baƙi kyau ne sai ta ce ai ke Mama fara ce.

Taki,
Wata uwa daga Gusau