Hoton farko ba ya wanke wuyan hannu daga karaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili saboda abin da ya sami ƙanena, ɗan kabu-kabu a nan Damagaram.

Da damina babur ɗinsa ya zame a yashi kusa da kasuwar Dole, ya kai tafin hannu ƙasa don ya tokare. Wuyan hannun bai kumbura sosai ba, yatsu suna motsi. Aka yi hoton ƙashi, wanda muke ce wa radiyo, ba a ga kome ba. Muka ce targaɗe ne, maɗori ya ja, aka shafa man zafi, ya koma bakin aiki. Wata huɗu bayan nan, murɗa totur ya gagare shi, ko buta ya ɗaga sai ya cije leɓe. Sabon hoto ya nuna karaya wadda ba ta haɗe ba.

Ƙananan ƙasusuwa 8 ne a wuyan hannu. Wanda ya fi karyewa a irin wannan faɗuwa shi ne na gefen babban yatsa, likitoci na kiransa sikafoyid, bai fi dabino guda girma ba. Tsagewarsa siririya ce kamar gashi, shi ya sa a kwanakin farko takan ɓuya a hoto. Sai bayan kwana 10 zuwa 14, da bakin tsagar ya ɗan buɗe, takan fito.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne bayanin likita a kan jini. Jini yana shiga ƙashin nan ta ɓangaren yatsu, sannan ya gangaro baya. In ya karye a tsakiya, guntun da ke wajen dantse na iya rasa jini, ya ƙi haɗewa, har ya mutu, daga baya gaɓar ta cinye. Jan da aka yi wa hannun da girgizar babur ba su bar shi ya huta ba, ga sigari da yake sha, ita ma tana jinkirta haɗewar ƙashi.

Alamar tana kusa. Ɗaga babban yatsa sama, za ka ga ɗan kwari a gindinsa tsakanin jijiyoyi. In an danna nan ya yi zafi, ko an tura yatsan ciki ka ji sara, a ɗauka karaya ce ko hoto ya fito fes. A sa filasta, a sake hoto bayan mako biyu, ko a yi sikana in da hali.

Da mun sani, filastar mako 6 zuwa 12 takan isa in ƙashin bai goce ba. Yanzu maganar tiyata ake, da kusa a cikin ƙashi, babur kuma na jingine a zaure.

Don Allah ku gayyato likitan ƙashi shirinku na lafiya ya yi wa ƴan kabu-kabu da maɗora wannan bayani.

Naku,
Wani mai sauraro daga Zango, Damagaram